Wa Zai Kashe Ya Kunna Idan Na'ura Ta Sandare a Ƙauye?

Duk mai waya ya san maganin farko idan ta sandare: a kashe, a sake kunnawa. Maganin yana aiki ne saboda akwai mutum kusa da ita. To amma ƙaramar na'urar da aka liƙa a jikin tankin rijiyar burtsatse mai aiki da sola, a ƙauyen da sai an yi tafiyar awa uku a babur, ba ta da wanda zai taɓa ta. Aikinta ta auna ruwan tanki, ta kunna famfo idan ya yi ƙasa, ta kashe idan ya cika, ta kuma aika saƙon tes ga mai kula da rijiyar. Ranar da ta sandare famfo na kunne, ruwa zai yi ta ambaliya har rana ta faɗi. In kuwa a kashe ta bar shi, mata da yara za su koma rafi da jarkoki.

Da wannan na'ura za mu yi misali, kuma mu ce an haɗa ta da aisin ATmega328P, wanda ke cikin allon Arduino Uno da ɗalibai da masu ƙere-ƙere suka saba da shi. Sandarewarta ba ta nufin ta mutu. Wuta na shiga, fitilarta na ci, ƙwaƙwalwarta ma na gudu, sai dai ta maƙale a wuri ɗaya tana jiran amsar da ba za ta zo ba, ko kuma ta yi tsalle zuwa wani sashe na umarni da bai kamata ba, tana ta kewaye a can.

A cikin aisin akwai maigadi da aka tanada domin irin wannan rana. A takardun kamfani sunansa `watchdog`, wato karen gadi. Agogo ne mai ƙirga lokaci, kuma yana da nasa bugun daban, kilohaz 128, wanda bai dogara da babban agogon aisin ba. Kai za ka zaɓa masa wa'adi, daga milisakan 16 har zuwa daƙiƙa 8. Yarjejeniyar ita ce manhaja ta riƙa leƙo shi kafin wa'adin ya cika, shi kuma ya koma ƙirge daga sifili. Idan wa'adi ya cika bai ga kowa ba, ba ya tambaya, sai ya tayar da aisin daga farko, tamkar an cire wuta an mayar.

```cpp
#include <avr/wdt.h>
uint8_t dalili;

void setup() {
  dalili = MCUSR;
  MCUSR = 0;
  wdt_disable();
  shiryaKaya();
  wdt_enable(WDTO_8S);
}

void loop() {
  aunaTanki();
  sarrafaFamfo();
  wdt_reset();
}
```

Abin lura a nan shi ne wurin da `wdt_reset()` ya zauna: sau ɗaya, a ƙarshe, bayan an auna tanki an kuma yanke hukunci a kan famfo. Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ga na'ura tana yawan sake tashi, sai a warwatsa wannan umarni ko'ina cikin manhaja, ko a saka shi cikin wani ɗan aiki da ke katse babban aiki lokaci-lokaci. Irin wannan ɗan aiki yana ci gaba da gudana ko da babbar manhaja ta sandare, don haka maigadi zai yi ta samun gaisuwa alhali gida na cin wuta. Dole gaisuwar ta zama shaida cewa an yi aikin da gaske.

Akwai aikin da kan wuce daƙiƙa 8 bisa gaskiya, kamar aika saƙon tes inda sabis ba shi da ƙarfi. A nan ana iya leƙa maigadi yayin jira, amma sai an yi wa jiran kansa iyaka. Idan minti ɗaya ya wuce babu amsa, a haƙura da saƙon a koma kan famfo, don ruwa ya fi tes muhimmanci.

Daga nan sai tambayar me ke sandarar da na'urar tun farko. Sau da yawa laifin na wuta ne, ba na manhaja ba. Dukanmu mun san lo karan, lokacin da ƙwan fitila ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar. Wutar ba ta ɗauke ba, ba ta kuma isa ba. Aisi ma yana fuskantar irin wannan, kuma ta fi masa haɗari a kan ɗaukewa gaba ɗaya. Idan wuta ta ɗauke, zai mutu ya tashi lafiya. Idan ta yi rauni kawai, yana iya karanta umarni ba daidai ba, ya yi lissafin banza, ko ya lalata abin da yake rubutawa a ma'ajiyarsa ta `EEPROM`.

Shi ya sa aka saka masa mai sa ido na biyu, wanda takardu ke kira `BOD`. Wannan ba lokaci yake ƙirgawa ba, ƙarfin wuta yake aunawa. Da zarar ta faɗo ƙasa da iyakar da aka sa, sai ya riƙe aisin ya hana shi aiki har wutar ta dawo daidai, sannan ya sake shi ya fara daga farko. ATmega328P yana da iyakoki uku da za a zaɓa: bolt 1.8, 2.7 ko 4.3.

Ga inda tarkon yake, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Allon Uno yana zuwa da iyakar bolt 2.7, amma yana gudu a megahaz 16. Takardar aisin ta nuna cewa a bolt 2.7 gudun da aka lamunce megahaz 10 ne kawai, sai a bolt 4.5 ake kai wa 20. Idan ka bi layin da ke tsakaninsu, megahaz 16 na buƙatar kusan bolt 3.8. Ke nan daga 3.8 zuwa 2.7 akwai fili mai faɗin fiye da bolt ɗaya wanda aisin ke aiki ba tare da lamuni ba, mai sa ido kuma bai ga laifi ba. Sau tari zai wuce lafiya, abin da ke sa a saki jiki ke nan. Wata rana kuma, cikin zafin bazara da batir ya gaji, ba zai wuce ba.

Mu koma rijiyarmu mu ga yadda ake faɗawa wannan fili. Abin aika saƙon, a ce SIM800L ne, yana fizgar wuta har amfiya 2 a lokacin da yake magana da hasumiyar sabis, fizga gajera da ba ta kai milisakan ɗaya ba, amma tana maimaituwa. A ce siririyar waya da mahaɗan da suka fara tsatsa sun tara turjiyar om 0.7 tsakanin tushen wuta da allo. Amfiya 2 sau om 0.7 ya ba da bolt 1.4 da suka ɓace a hanya. Bolt 5 ya koma 3.6, cikin filin haɗari. Idan ka je da mitarka za ta nuna maka kusan bolt 5, domin ba ta da saurin kama faɗuwar da ta zo ta wuce cikin ƙiftawar ido. Za ka koma gida kana rantsuwa wuta lafiya lau take.

Na'urar da kanta tana iya ba da shaida. Layin farko na `setup()` a sama yana kwafe `MCUSR`, wurin da aisi ke ajiye dalilin tashinsa na ƙarshe. Tutar `PORF` na nufin wuta ta ɗauke ta dawo, `EXTRF` an danna maɓalli, `BORF` raunin wuta, `WDRF` kuma maigadi ne ya tayar da shi. A ƙirga kowanne a ajiye, a haɗa da saƙon tes na gaba. Sai dai ƙaramar manhajar loda umarni da ke zuwa cikin Uno takan goge waɗannan tutoci kafin taka ta fara, don haka na'urar da za ta tafi ƙauye gara a loda ta kai tsaye ta hanyar `ISP`. Wannan yana kuma kawar da wata tsohuwar matsala: bayan maigadi ya tayar da aisi, yana nan a kunne da wa'adinsa mafi gajarta, kuma tsofaffin manhajojin loda umarni, irin na wasu allunan Nano, ba sa kashe shi da wuri, sai na'ura ta shiga tashi da faɗuwa ba iyaka.

A misalinmu, ƙirgen zai fara nuna `WDRF` da yawa, babu `BORF` ko ɗaya, kuma kusan duk a lokacin aika saƙo. Mai gaggawa zai ɗora laifin a kan manhaja. Amma a ɗaga iyakar zuwa bolt 4.3, ta hanyar sauya fiyus ɗin `BODLEVEL`, a sake dubawa. Idan `WDRF` ya ragu `BORF` ya cika wurin, an kama ɓarawo. Gyaran na wuta ne: waya mai kauri kuma gajera, tushen wuta na daban ga SIM800L wanda zai iya ba da amfiya 2, da babban kafasita na maikurofarad 1000 ko fiye daf da ƙafafunsa. Iyakar 4.3 ma tana da nata sharaɗi, don a wasu aisin takan kai 4.5, saboda haka sai bolt 5 ɗinka ya kasance tsayayye, in ba haka ba na'ura za ta yi ta tashi babu dalili.

Saura abu ɗaya da maigadi ba zai iya ba. Aisin kaɗai yake tayarwa, ba ya taɓa sauran kayan da ke kewaye da shi. Idan ma'aunin da ke magana da aisi ta layin `I2C` aka katse shi a tsakiyar zance, yana iya riƙe wayar `SDA` a ƙasa yana jiran a ƙarasa. Aisi zai tashi, ya nemi ma'auni, ya maƙale, maigadi ya sake tayar da shi bayan daƙiƙa 8, haka har a zo. Ƙa'idar `I2C` ta ba da mafita: a buga wa wayar `SCL` bugu tara don ma'aunin ya saki layin. In ya ƙi, sai yanke masa wuta. Saboda haka mai ƙira na gari yakan bi da wutar ma'auni da ta abin aika saƙo ta cikin taransista da aisi ke iya kashewa, yadda bayan tashi uku a jere na'ura za ta yi wa kayanta abin da mutum zai yi da hannu. Idan hakan ma bai yi ba, ta kashe famfo, ta aika saƙo idan da hali, ta jira mai gyara.

A ƙarshe a tuna cewa yayin da aisi ke sake tashi, ƙafafunsa a sake suke, ba sa tura komai. Ƙafar da ke sarrafa famfo tana buƙatar rezista, kamar na kilo-om 10, da zai ja ta zuwa matsayin kashewa a wannan ɗan lokaci. Kuma kafin a ɗaure akwatin a babur, a gwada a kan tebur: a saka `while(1);` da gangan a ga ko na'ura za ta dawo cikin daƙiƙa 8, a zare wayar ma'auni tana cikin aiki, a rage mata wuta sannu a hankali daga bolt 5 ana kallon inda za ta tsaya, kuma a kowane gwaji a duba ko famfo ya mutu.