Zaizayar tsoka da tsufa: Yadda atisayen tashi daga kujera ke kare ƙarfin dattawa

A unguwanni irin su Dutsen Kura da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, al'ada ce 'ya'ya da jikoki su hutar da dattijon gida daga kowane aiki. Ana kawo masa ruwan alwala har inda yake zaune, ana ce masa, "Baba, zauna ka huta." Wannan ladabi ne abin yabo, sai dai binciken likitoci ya nuna cewa yawan zama na gaggauta raunin da tsufa ke kawowa, domin tsokar da ba a aiki da ita lalacewa take yi.

Daga kimanin shekara 30 da haihuwa, jikin ɗan Adam yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, kuma asarar tana ƙaruwa bayan shekara 60. Idan ta kai ga raunana mutum a harkokinsa na yau da kullum, likitoci na kiran ta sakofeniya, sunan da wani masani ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa mata a 1989. Zaruruwan tsoka masu saurin aiki, waɗanda ke miƙar da mutum daga zaune ko su tare shi idan ya yi tuntuɓe, su ne suka fi saurin tsukewa. Shi ya sa dattijo kan iya tafiya masallaci da ƙafarsa, amma miƙewa daga tabarma ta gagare shi.

Kwanciyar jinya ta fi komai saurin cin tsoka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa dattawa masu ƙoshin lafiya da aka kwantar a gado na kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. Saboda haka, tsohuwar da ta yi mako biyu a kwance da zazzaɓin cizon sauro tana iya warkewa daga cutar, amma ta kasa komawa ga ƙarfinta na da.

Gwajin da za a iya yi a gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi wani gwaji mai sauƙi a tsarinta na kula da tsofaffi. Ana samun kujera mai ƙwari a jingina ta da bango. Dattijon zai zauna, ya rungume hannayensa a ƙirji, sannan ya miƙe ya zauna sau biyar a jere gwargwadon saurinsa, wani na kusa da shi yana duba agogo. Wanda ya kasa kammalawa cikin daƙiƙa 14, ko ya kasa miƙewa sai da dafa wani abu, yana buƙatar ma'aikacin lafiya ya ƙara duba shi. Kujerar roba mara nauyi ba ta dace da wannan ba, domin tana iya zamewa ko ƙafarta ta karye.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne tsoka tana amsa horo komai tsufan mai ita. A 1990, Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta a birnin Boston sun wallafa sakamakon horar da tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa na tsawon mako takwas. Tara da suka kammala horon sun samu ƙarfin cinyoyinsu ya ninka fiye da sau biyu. Tafiya a ƙasa tana da amfani ga zuciya, amma ita kaɗai ba ta isa ta gina irin wannan ƙarfi ba. Dole tsoka ta fuskanci nauyin da ya ɗan fi wanda ta saba da shi. Don haka ne jagorar da hukumar ta fitar a 2020 ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da wanda ya haɗa da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku.

Yadda ake farawa da yadda ake ƙarawa

A ɗauki misalin dattijuwa mai shekara 70 wadda gwajin ya ɗauke ta daƙiƙa 18. A makonni biyun farko za ta fara da kujera mai ɗan tsayi, ko a ɗora matashi mai tauri a kanta. Za ta matso bakin kujerar, ta janyo ƙafafunta baya kaɗan, ta sunkuyo gaba har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafarta, sannan ta miƙe tana fitar da numfashi. Wajen zama kuwa, za ta sauka a hankali tana ƙirga uku, kada ta faɗa kan kujerar. Za ta yi sau biyar, ta huta minti biyu, ta sake yin biyar. Ana yin haka kwana biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani.

Idan ta kai tana yin sau goma zuwa sha biyu ba tare da wahala ba, lokacin ƙarawa ya yi. Da farko ta daina dafa kujerar, daga baya a cire matashin, sannan ta rungumi gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, wato nauyin kilo ɗaya da rabi. Ma'aunin shi ne miƙewa biyun ƙarshe su yi mata nauyi, amma ta iya yin su daidai. A ƙarshe za ta dafa bango ta yi ɗage sau goma, sannan ta tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa goma, domin daidaita tsayuwa. Bayan mako takwas sai a maimaita gwajin a kan kujerar farko, a kwatanta da lokacin da aka rubuta.

Alamomin da ke cewa a tsaya

Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon ƙirji, jiri, haki mai tsanani, ko ciwo mai suka a gaɓa, alamu ne na a dakata nan take a nemi likita. Idan gwiwa ta kumbura, an yi saurin ƙarawa, sai a koma matakin baya. Riƙe numfashi yayin miƙewa kuskure ne da ke ɗaga hawan jini. Masu ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, shanyewar ɓarin jiki, ko waɗanda suka faɗi kwanan nan, su fara ganin likita ko ƙwararren gashi da motsa gaɓoɓi, kamar a Babban Asibitin Minna. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a garin, ya fi dacewa a yi atisayen da sanyin safiya, a kuma sha ruwa.

Atisaye na buƙatar abincin da zai gina tsokar. Masana na shawartar dattijo mai lafiya ya ci giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato giram 60 zuwa 72 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Doya da tuwon shinkafa suna cika ciki, amma furotin ɗinsu kaɗan ne, sai an haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi ko nono, a raba su a kowane cin abinci. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da iznin likita.

Idan rauni ya zo farat ɗaya, ko ya kama ɓangare guda na jiki, ko dattijo yana ramewa ba tare da dalili ba, to ba tsufa kaɗai ba ne, kuma asibiti ya kamata a nufa kafin a fara kowane atisaye.