Ƙaramin Gari Maratta: Yadda Shehu Ya Tsare Tarihinsa Daga Ƙarin Masoya

A ƙauyukan Hausawa da Fulani da ke jere a bakin kogin Nilu, daga Maiwurno kusa da Sinnar har zuwa Abu Na'ama, da wuya a yi zaman hira na dattawa a tashi ba a ambaci Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba. Ba abin mamaki ba ne. Da yawa daga cikin mutanen nan jikokin waɗanda suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903. Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ƙaraso da sauran jama'a Sudan, ya kafa garin da ake kira da sunansa.

Na taso ina jin labaran haihuwar Shehu iri-iri a wannan yanki. Wani ya ce haske ya cika ɗakin daren da aka haife shi. Wani ya ce tun yana jariri ya yi magana. Wani ya ce kullum a Makka yake sallar Juma'a ya dawo kafin la'asar. Abin da ke damuna shi ne, yaranmu da suka yi karatun zamani in sun ji haka sai su yi watsi da komai, gaskiya da ƙari baki ɗaya. Alhali akwai hanyar tankaɗe, kuma malamanmu na hadisi sun riga kowa saninta: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma yana wurin ko ji ya yi?

Mu ɗauki haihuwar kanta. An haifi Shehu a Maratta, ƙasar Gobir, a Disamba 1754, wato ƙarshen Safar 1168. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa. To, su wa suka rubuta mana rayuwarsa? Ƙanensa Abdullahi, wanda Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781. Sai Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ma ɗan baya ne. Ka ga kenan babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ga ranar haihuwar. Duk abin da suka kawo game da ita, ji suka yi. Amma yawon wa'azin Shehu, da hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto, waɗannan Abdullahi ya rayu a cikinsu. A nan shaidarsa ta ganau ce.

Ga misali da ya fi kowanne shahara. A littafin Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya kammala a 1812, ya kawo labarin wata waliyyiya Bafulatana, Ummu Hani, da ta yi busharar bayyanar wani bawan Allah a ƙasar, wanda zai jaddada addini, ya raya sunna, a riƙa kiran mabiyansa Jama'a. Me za mu yi da wannan labari? Abin da ya tabbata shi ne, a 1812 mutanen Shehu suna ba da shi, kuma Bello ya ga ya cancanci a rubuta. Amma 1812 shekara 58 ce bayan haihuwar, kuma shekara huɗu bayan faɗuwar Alkalawa. An rubuta busharar ne bayan duk abin da ta faɗa ya riga ya auku. Wannan ba ya nufin Bello ya ƙirƙira. Yana nufin dai labarin hujja ce mai ƙarfi a kan yadda Jama'a suke kallon Shehunsu, ba hujja ce mai ƙarfi a kan abin da aka faɗa kafin 1754 ba.

Haka nan sai a duba manufar littafi. Raudul Jinan na Giɗaɗo an yi shi ne don tattara karamomin Shehu. Ida'un Nusuki na Abdullahi kuwa lissafin malamai ne da littattafan da aka karanta a hannunsu. Mai neman sanin wa ya koyar da Shehu me, na biyun zai buɗe. Mai neman sanin irin girman da almajirai ke ba shi, na farkon zai buɗe. Matsala tana zuwa ne in an haɗa su a tukunya ɗaya.

Akwai kuma abin da Shehu ya faɗa da kansa. A ɗan littafinsa na Wuridi ya ba da labarin cewa yana da shekara 40 da 'yan watanni aka nuna masa Manzon Allah (SAW) da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka rataya masa takobin gaskiya. Wannan ba ƙarin 'yan baya ba ne. Mai tarihi zai rubuta cewa Shehu ya ce ya gani, kuma abin ya yi tasiri a tafiyarsa. Haƙiƙanin abin da ya gani kuwa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne, Shehu da kansa ya yi irin wannan tankaɗe tun yana raye. Mutane sun fara yaɗa cewa shi ne Mahadi. Bai yi shiru ya ji daɗin yabon ba, sai ya rubuta Tahzirul Ihwani yana musantawa. Hujjar da ya kafa kuwa tarihin rayuwarsa ce tsagwaronta: shi a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar baƙar fata, Mahadi kuwa bisa ruwayoyin da ya dogara da su a Madina za a haife shi. Shi sunansa Usmanu, na Mahadi Muhammadu. Ka ji fa! Da sunansa da sunan garinsu ya rushe maganar. Haka ma zancen sallar Juma'a a Makka: abin da tarihi ya riƙe shi ne Shehu bai samu zuwa aikin hajji ba har ya rasu a Sakkwato a 1817.

Mu nan Sudan mun fi kowa sanin cewa irin waɗannan maganganu ba hira ce kawai ba. Gaskiya ne Shehu ya yi imanin bayyanar Mahadi ta kusa, kuma Jama'a sun riƙe cewa wata rana za su yi gabas zuwa Nilu. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. A kan wannan fata dubban mutane suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu. Maganar da ke iya tayar da gari ta cancanci a san wanda ya faɗe ta, da iyakar abin da ya faɗa.

Wani dattijo a Abu Na'ama ya taɓa ce mini: "Yaro, kai so kake ka ƙaryata karamar waliyyai?" Na ce: "A'a Baba, Allah ya tsare ni. Karama gaskiya ce, amma ba kowane labarin karama ne ya inganta ba, kamar yadda ba kowane hadisi ne ya inganta ba." Wanda ya ce jariri ya yi magana, a tambaye shi a wane littafi, daga bakin wa. In ya ce haka ya ji, sai a ajiye shi a matsayin abin da aka ji.

In an cire hasken ɗaki da maganar jariri, me ya rage? Malamin ƙauye da ya fara wa'azi yana da shekara 20, ya shafe shekara 30 yana karantar da maza da mata da Fulatanci da Hausa kafin a zare takobi, ya bar littattafan Larabci masu yawa da har yau ake karantawa. Wannan Shehun yaro zai iya koyi da shi, don karatu da haƙuri abu ne da ɗan Adam ke iyawa. Jaririn da ya yi magana a zanen goyo kuwa, sai dai a yi mamakinsa a wuce.