Bidiyon Baitocin Bege: Rubutu Ya Riga Murya Isowa

Da watan Rabi'ul Awwal ya kama, wayoyi sukan cika da waƙoƙin begen Annabi (SAW), kuma da yawansu ba a nuna fuskar sha'irin. Baitocin ne kawai ke fitowa a rubuce, murya na bin su. Irin wannan bidiyo yana da arha, matashi mai waya da CapCut ko KineMaster zai iya haɗa shi a ɗaki. Sai dai mafi yawan waɗanda nake gani an yi su ne ba tare da an zauna da takarda da biro ba, alhali a nan aikin yake farawa. A takardar ake raba waƙar baiti-baiti, a rubuta daƙiƙar da kowane ɗango zai shigo, da launin da zai zauna a bayansa, da yadda rubutun zai motsa.

Bari mu ɗauki misali. A ce waƙa ce 'yar ƙwar biyar, mai amshi da baiti huɗu, kiɗanta yana bugu 80 a minti. Idan kowane ɗango yana cin bugu takwas, to daƙiƙa 6 ke nan, baiti guda kuma daƙiƙa 30. Kada a zuba ɗango biyar a fuskar waya lokaci guda, don ido zai ruɗe. A fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowane ya bayyana kamar rabin daƙiƙa kafin sha'iri ya buɗe baki. Dalili kuwa shi ne mai kallo yana so ya rera tare da shi, sai ya karanta sannan ya furta. In rubutu ya zo daidai da murya, ya riga ya makara. Ɗango na biyar, wanda ke ɗauke da babban amsa-amo, a bar shi ya ɗan jima har 'yan amshi su karɓa.

Wannan lissafi yana tafiya ne idan na'ura ta buga kiɗan a situdiyo. In mandiri ne da hannu, ko murya ce zalla, sha'iri yakan ja wani wuri ya yi sauri a wani, musamman in shauƙi ya ɗebe shi. Wanda ya auna baitin farko ya kwafa ma'aunin zuwa sauran zai ga komai lafiya da farko, amma kafin baiti na uku rubutu ya koma bin bayan murya. Maganinsa a sa abin sauraro a kunne, a yi alama a farkon kowane ɗango da hannu.

Motsin rubutu ya zama mai natsuwa. Bayyana a hankali cikin sulusin daƙiƙa, wato hoto goma a bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa, ya wadatar. Harafin da ke tsalle ko juyawa ya dace da waƙar biki, amma sunan Allah da na Manzonsa ba a wulwula su. Haka kuma kada a ajiye su can ƙasa, inda TikTok ke ɗora sunan mai shafi ya rufe su. Inda salati ko addu'a ta zo da Larabci, a fito da layin gaba ɗayansa, domin salon fitar da harafi ɗai-ɗai yakan tsinka haruffan da ke haɗe, wani lokaci ma ya juya su daga hagu.

Launi kuwa ya bi ma'anar baiti. Buɗewa da sunan Allah da salati, kore mai duhu da rubutu fari-fari, wanda zai tuna wa mai kallo Koriyar Ƙubba. Baitin haihuwa ya ɗauki ruwan zinare kamar na hudowar rana. Baitin kewar Madina ya koma shuɗin dare, rubutun ya rage haske kaɗan. Amshi ya riƙe launi guda duk lokacin da ya dawo, yadda ko yaro zai gane lokacin karɓa ya yi. Launi ya sauya a tsakanin baiti da baiti, ba a tsakiyar ɗango ba. Jan rubutu a kan kore, a ganina, kuskure ne babba: da an tura ta WhatsApp an matse bidiyon, gefen haruffa sai ya dagule.

Saura haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ƙawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a gurbinsu, ko mai aikin ya cire lanƙwasar, ƙauna ta koma kauna. Noto Sans da Andika suna da su duka. Kafin ka saki bidiyon, tura wa kanka shi ta WhatsApp, ka kalla a ƙaramar waya, ka rera tare da sha'irin daga farko har ƙarshe. Duk inda bakinka ya jira rubutu, koma ka matso da shi gaba.