Shekarar Hidimar Ƙasa Tana Cikin Lissafi? Tambayi Mai Tallar Aikin

Akwai layin da ba ya ɓacewa a tallace-tallacen ɗaukar ma'aikata a Najeriya: ana son mai digiri ko HND, wanda ya yi aƙalla shekara uku yana aiki bayan karatu. Da gani kamar babu wani ruɗani, sai ka zauna yin lissafi. Daga ina ake fara ƙirga shekarun? Daga ranar da aka kammala makaranta, ko daga ranar da aka karɓi takardar gama hidimar ƙasa?

A ɗauka wata matashiya ta gama karatun akanta a 2021, ta yi hidimar ƙasa ta shekara guda a ofishin kuɗi na wata ƙaramar hukuma, sannan ta yi shekara biyu tana riƙe wa wani kamfani littattafan kuɗi. Idan ana ƙirga hidimar ƙasa, shekararta uku cif. Idan ba a ƙirgawa, biyu ce, kuma mai tace takardu zai iya ajiye tata gefe tun bai kai ga karanta abin da ta iya ba. Wasu ma'aikatu suna fayyacewa cewa bayan NYSC suke nufi, wasu kuwa sun yi shiru, kuma shirun ba ma'ana ɗaya yake da ita ko'ina ba. Wanda ya san amsa shi ne wanda aka sa sunansa ko imel ɗinsa a ƙasan tallar.

Kafin ta rubuta masa, sai ta sake karanta tallar tun daga sama, har da cikakken bayanin aikin idan an liƙa shi. Sau da yawa amsar tana nan a kwance. Ta kuma duba ko sharaɗin na dole ne, ko cikin waɗanda aka ce samun su ƙarin tagomashi ne kawai. Idan na biyun ne, babu abin tambaya, ta miƙa takardunta.

Idan na dole ne, tambayar ta zama wadda za a amsa da i ko a'a. Jami'in da saƙonni suka yi wa yawa ba zai zauna warware "ko na cancanta?" ba, domin wannan hukuncin na masu tantancewa ne. Amma zai iya amsa irin wannan cikin minti guda: "Barka da aiki, ranka ya daɗe. Ina tambaya ne kan gurbin akanta mai lamba kaza. An nemi shekara uku na aiki bayan karatu. Na yi shekarar hidimar ƙasa a ofishin kuɗi, na ƙara shekara biyu a kamfani. Shin shekarar hidimar tana shiga lissafi? Na gode." Ta rubuta da harshen da aka yi tallar, ta sa sunan gurbin a kan saƙon. Kada ta haɗa takardunta, don kada a ɗauka neman aikin ke nan ta bayan gida. Labarin halin da gida ke ciki da roƙon alfarma ma ba nan ne wurinsu ba.

Na fi son imel a kan kiran waya, ko da an ba da lamba. Abin da aka faɗa a waya iska ce. Wanda aka rubuta kuwa za ta iya ambatarsa a wasiƙar neman aikin, ta ce ofishinku ya tabbatar mini ranar kaza cewa ana ƙirga shekarar hidima. Ta kuma tura da wuri, tun da sauran mako guda ko fiye a rufe karɓa, domin wasu shafukan neman aiki ba sa barin a gyara abin da aka riga aka miƙa.

Amsar ba lallai ta zo a sarari ba. Wani lokaci mai amsawa ma'aikacin kamfanin dillancin ma'aikata ne, shi ma abin da aka ba shi ya liƙa, sai ya ce ki nema kawai a gani. Wani lokaci shiru za ta ji. A duka biyun kada ta bari wa'adi ya wuce tana jira. Ta nema, ta rubuta wata da shekarar da ta fara da waɗanda ta bar kowane aiki, ta nuna ƙarara wanne ne na hidimar ƙasa, masu tantancewa su yi nasu lissafin. Cusa shekarar hidima cikin aikin kamfani don adadi ya cika dabara ce da takardar NYSC za ta tona ranar tantancewa, tunda kwanan wata yana jikinta.

Idan kuwa amsar ta zo da cewa sharaɗin ba matsala ba ne muddin za ta tura kuɗin fom ko na "gyaran suna" zuwa asusun wani mutum, to ta bar maganar nan, ta nemi lambar ma'aikatar daga shafinta na ainihi ta ji ko sun san da tallar ma.