Daga Hanjin Kyanwa Zuwa Mahaifa: Yadda Cutar Toksofilazma Ke Kaiwa Ga Ɗan Tayi

Akwai wata ƙwayar cuta da ke iya zama a jikin kusan duk wata dabba mai ɗumin jini, daga ɓera da kaza zuwa tunkiya da ɗan'adam, amma ba ta yin barbara sai a wuri ɗaya tak: cikin hanjin kyanwa da danginta na daji, irin su zaki da damisa. Sunanta Toksofilazma gondi. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma galibinsu har su koma ga Allah ba za su taɓa sani ba. Inda take yin ɓarna shi ne idan ta shiga jikin mace karon farko alhali tana da juna biyu.

A shekarar 1908 ne wasu masu bincike biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gan ta a birnin Tunis cikin jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da ake kira gundi. A 1939 likitoci a New York suka tabbatar da ita a ƙwaƙwalwar wata jaririya da ta rasu. Amma sai a 1970 aka gano cewa kyanwa ce gidanta na asali, wato an shafe shekara sittin da ɗoriya ana ganin cutar ba tare da an san inda take fitowa ba.

Yadda take zagayawa

Abin yana farawa ne ranar da kyanwa ta kama ɓera ko tsuntsu mai ɗauke da cutar, ko aka jefa mata ɗanyen nama. A cikin tsokar wannan nama akwai wasu 'yan ƙunsoshi da ido ba ya gani, kowanne cike da ƙwayoyin cuta masu barci. Ruwan cikin kyanwa yana narkar da bangon ƙunshin, ƙwayoyin su kutsa cikin fatar hanjinta, su rabu zuwa maza da mata, su haɗu su samar da ƙwai. Bayan kwana 3 zuwa 10 sai ƙwan ya fara fita cikin kashinta, miliyoyi, har tsawon mako ɗaya zuwa uku. Daga nan jikinta yakan samu kariya, fitar ƙwan ya tsaya. Yawanci kyanwa sau ɗaya take yin wannan zubarwa mai yawa a rayuwarta, tana ƙarama, lokacin da ta fara koyon farauta, kuma da wuya a ga alamar ciwo a tare da ita.

Me ya sa sai kyanwa? A 2019 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka nuna cewa hanjin kyanwa ba shi da wani sinadari da sauran dabbobi ke amfani da shi wajen sarrafa wani nau'in maiƙo. Saboda haka maiƙon yana taruwa a hanjinta, kuma shi ne cutar ke buƙata kafin ta fara barbara.

Ƙwan da ya fito yau ba ya iya sa wa kowa cuta. Sai ya sha iska na kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya nuna, a lokacin ne ƙwayoyin cuta takwas ke samuwa a cikinsa. Da zarar ya nuna, ya zama ɗan-ƙarfe. Yana iya wuce shekara guda a cikin ƙasa mai danshi da inuwa, kuma maganin kilorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe shi. A 1995 cutar ta ɓarke a birnin Victoria na Kanada ta hanyar madatsar ruwan sha ta garin. Kyanwa kuwa tana binne kashinta a ƙasa mai laushi: gindin bishiyar tsakar gida, tulin yashin gini da yara ke wasa a kai, kunyar lambu. Kashin ya ruɓe ya ɓace, ƙwan yana nan.

Tunkiya ta yi kiwo a wurin, kaza ta yi tono, ɓera ya yi sinsine-sinsine, duk sai su haɗiye shi. A jikinsu cutar tana rikiɗa zuwa wani nau'i mai saurin hayayyafa, ta bi jini ta bazu ko'ina. Cikin mako biyu zuwa uku garkuwar jiki takan taso mata, sai ta janye ta ƙunshe kanta a cikin tsoka da ƙwaƙwalwa da ido, ta yi barci har ƙarshen rayuwar dabbar. Ranar da wata kyanwa ta ci wannan dabba, zagayen ya koma farko.

Ta ina take shiga mutum?

Ƙofofi biyu ne manya. Ta farko ita ce ƙwan da ke cikin ƙasa da ruwa: hannun da ya yi shara ko aikin lambu ya kai baki ba a wanke ba, salak da kabeji da karas da aka ɗauraye sama-sama, ruwan rijiya ko na tafki, da kwaɗayin cin ƙasa da ke kama wasu masu ciki. Ta biyu ita ce nama, musamman na rago da akuya, idan bai dahu har ciki ba. Tsire ko balangun da bayansa ya yi ja amma tsakiyarsa ke tsiyayar jini yana iya ɗauke da ƙunsoshi masu rai. Haka nan ɗanɗana nama tun bai nuna ba, ko yanka salak da wuƙar da aka gama yanka ɗanyen nama. Nonon akuya da ba a tafasa ba shi ma hanya ce.

Wani babban bincike da aka yi a cibiyoyi shida na Turai, aka buga a 2000, ya ɗora kashi 30 zuwa 63 cikin ɗari na kamuwar masu ciki a kan nama, kashi 6 zuwa 17 a kan taɓa ƙasa. Zama da kyanwa a gida bai fito a matsayin abin da ke ƙara haɗari ba. Shafa ta ba ya kawo cutar, domin tana lashe jikinta tun kafin ƙwan ya nuna. Don haka korar kyanwar gida ba ta magance komai muddin magunan unguwa suna tsallako katanga da dare, kuma ɓerayen da take kamawa za su ƙaru.

Lokacin kamuwa shi ne komai

Macen da ta kamu tun kafin ta ɗauki ciki da watanni tana da kariya, kuma kariyar takan tsare ɗan tayi, sai dai idan garkuwar jikinta ta raunana, kamar mai cutar ƙanjamau da ba ta shan magani. Wadda ba ta taɓa kamuwa ba ita ce ke cikin haɗari, domin a 'yan makonnin da cutar ke yawo cikin jininta tana iya sauka a mabiyiya, daga nan ta tsallaka ga yaro. Uwar kuwa mafi yawan lokaci ba ta jin komai. Idan ma ta ji, bai wuce kasala da ɗan zazzaɓi da kaluluwa a wuya ba, abin da za a ɗauka maleriya ce.

Wani nazari da ya haɗa bayanan mata daga ƙasashe da dama, aka buga a 2007, ya nuna cewa idan uwa ta kamu a mako na 13, yiwuwar cutar ta kai ga yaro kusan kashi 15 ne cikin ɗari. A mako na 26 ya hau zuwa 44, a mako na 36 ya kai 71. Amma tsananin illa yana tafiya ne a juye. Kamuwar farkon ciki ba ta cika tsallakawa ba, sai dai idan ta tsallaka tana iya jawo ɓari, ko ruwa ya taru a ƙwaƙwalwa har kai ya kumbura, ko tabo a ƙwaƙwalwa da bayan ido. Kamuwar ƙarshen ciki tana tsallakawa cikin sauƙi, amma yawancin jariran ana haihuwarsu kamar lafiya lau. A cikinsu ne ake samun waɗanda ciwon bayan ido ke tasar musu bayan shekaru, yaro yana makaranta ya fara cewa yana ganin hazo. An ƙiyasta a 2013 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 190,000 da cutar kowace shekara a duniya.

Yadda ake karanta gwaji

A ce mace ta je awon ciki a mako na 10, aka ɗebi jininta. A takardar sakamako za a ga layi biyu: IgG da IgM. IgM yana fitowa da wuri bayan kamuwa, IgG yana biyo baya ya zauna har abada. Idan IgG kaɗai aka samu, tsohuwar kamuwa ce, hankali ya kwanta. Idan ba a samu ko ɗaya ba, ba ta taɓa kamuwa ba, ita ce mai buƙatar taka-tsantsan da maimaita gwaji. A Faransa irin wannan mace kowane wata ake gwada ta tun daga 1992.

Idan aka samu duka biyun, nan ne ake yawan yin kuskure. IgM yana iya daɗewa a jini shekara ko fiye, kuma wani lokaci gwajin yana nuna shi alhali babu. Sai a nemi gwaji na uku, wanda ake rubutawa IgG avidity, mai auna ƙarfin riƙon sinadaran kariya. Idan ya fito da ƙarfi, kamuwar ta girmi wata huɗu, wato ga mai cikin mako 10 ta riga cikin zuwa. Idan ya fito da rauni, bai tabbatar da sabuwar kamuwa ba, sai a sake gwaji bayan mako biyu zuwa uku a ga ko IgG yana hawa.

Idan sabuwa ce, likita yakan fara ba da sifiramaisin nan take don rage tsallakawa. Daga mako na 18 ana iya ɗibar ruwan mahaifa a nemi cutar, ana kuma bin kan yaro da sikanin. Idan ta kai gare shi, sai a koma ga firimetamin da salfadayazin tare da maganin da ke kare ɓargo, jariri kuma yakan sha magani har shekara guda, ana duba idonsa a kai a kai. Maganin rigakafin maleriya da ake bai wa masu ciki yana da firimetamin a ciki, amma ba ya maye gurbin wannan.

Inda gwajin ba ya samuwa ko ya yi tsada, abin da ya fi shi ne mai ciki ta ɗauka ba ta da kariya. Ta dafa nama har ja ya ɓace daga tsakiyarsa, domin zafin digiri 67 yana kashe ƙunsoshin. Ta sake gasa tsiren da aka sayo. Ta tafasa ruwan da ba ta amince da shi ba, ta wanke ganye da ruwa mai yawa, ta wanke hannu da sabulu bayan shara ko yanka nama. A lokacin layya, gyaran kayan ciki ya koma hannun wasu. Idan tunkiya ko akuya ta yi ɓari, kada ta taɓa abin da ya fito, domin cutar na cikin masu jawo ɓarin dabbobi. Kashin kyanwa kuma wani ya riƙa kwashewa kullum, kafin ya kwana ya nuna.