Gaskiya ko Jita-jita: Ƙarin Gurbi a RAM Kullum Yana Rage Wahalar Kwamfuta?

Kwamfuta ba ta ɗora manhaja ɗungurungum a kan RAM. Tana yanka ta gunduwa-gunduwa masu girma ɗaya, ana kiran kowace gunduwa shafi, kuma a yawancin kwamfutocin yau shafi ɗaya kilobayit 4 ne. Ita ma RAM an kasa ta gurabe, kowane gurbi na ɗaukar shafi ɗaya. Idan manhaja ta nemi shafin da ba ya cikin RAM, sai aiki ya tsaya cik har a ɗauko shi daga faifai. Wannan tsaikon shi ne masana kwamfuta ke kira da sunan `page fault`, mu kuma a nan za mu kira shi tuntuɓe. Ɗauko shafi daga faifai ya ninka karanta shi daga RAM tsawon lokaci sau dubbai, don haka kowane tuntuɓe asara ne.

Idan gurabe sun cika, dole a kori wani shafi kafin sabo ya shiga. To, wa za a kora? Tsari uku ne suka yi fice. FIFO yana korar shafin da ya riga kowa shiga. LRU yana korar wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba. OPT kuwa yana korar wanda za a fi daɗewa nan gaba ba a sake nemansa ba. Akwai maganganu biyar da ɗalibai da masu sana'ar kwamfuta ke yawan faɗa a kan waɗannan ukun, kuma dukkansu za mu auna su da jeri guda na shafukan da wata manhaja ta nema bi da bi:

```
1 2 3 4 1 2 5 1 2 3 4 5
```

Buƙatu 12 ke nan a kan shafuka 5, kuma za mu fara da RAM da babu komai a cikinta.

Magana ta farko: "In ka ƙara gurbi, tuntuɓe ba zai taɓa ƙaruwa ba." Jita-jita.

Mu fara da FIFO da gurbi 3. Shafi na 1, na 2 da na 3 sun shiga, tuntuɓe uku. Na 4 ya zo ya kori na 1. Nan take aka sake neman na 1, ya dawo ya kori na 2. Na 2 ya dawo ya kori na 3, sannan na 5 ya kori na 4. Tuntuɓe bakwai ke nan a buƙatu bakwai. Amma yanzu RAM tana riƙe da 1, 2 da 5, don haka da aka nemi na 1 da na 2 sai aka same su a zaune. Na 3 ya shigo ya kori na 1, na 4 ya kori na 2, sai na 5 da aka tarar yana nan. Jimla: tuntuɓe 9.

Yanzu a ƙara gurbi ɗaya su zama 4. Shafuka huɗu na farko sun shiga ba tare da korar kowa ba, kuma da aka sake neman na 1 da na 2 an same su. Har nan, babbar RAM ce a gaba, tuntuɓe huɗu kawai inda ƙaramar ta yi shida. Sai na 5 ya iso. FIFO ba ruwansa da cewa yanzun nan aka yi amfani da na 1. Abin da ya sani kawai shi ne na 1 ya riga kowa shiga, sai ya kore shi. Buƙata ta gaba kuwa na 1 ɗin ce. Ya dawo ya kori na 2, wanda shi ne ake nema a gaba. Na 2 ya kori na 3, na 3 ya kori na 4, na 4 ya kori na 5, na 5 ya kori na 1. Kusan kowane shafi ana korarsa ne daidai lokacin da ake gab da nemansa, tuntuɓe shida a jere. Jimla: 10.

Gurbi 3 ya ba da 9, gurbi 4 ya ba da 10. Wannan shi ne abin da ake kira baƙon lamarin Belady. László Bélády masanin kwamfuta ne ɗan ƙasar Hungary da ya yi aiki a kamfanin IBM, kuma shi da abokan aikinsa Nelson da Shedler suka wallafa bayaninsa a 1969.

Inda abin ya karkace shi ne buƙata ta bakwai. Bayan shigar na 5, ƙaramar RAM tana ɗauke da 1, 2, 5, babbar kuwa tana ɗauke da 2, 3, 4, 5. Akwai shafi a cikin ƙaramar da babu shi a cikin babbar. Dalili kuwa, a ƙaramar an kori na 1 da na 2 tun da wuri, da suka dawo sai suka zama sabbin shiga, suka koma ƙarshen layin kora. A babbar ba a taɓa korarsu ba, sai suka ci gaba da zama tsofaffi, kuma tsufa ne kaɗai laifin da FIFO ya sani.

Magana ta biyu: "Kowane tsari zai iya faɗawa cikin wannan matsala." Jita-jita.

LRU da OPT ba sa faɗawa, kuma ba sa'a ba ce. A ɗauki LRU. A kowane lokaci, idan gurabe 3 ne, abin da ke ciki shi ne shafuka uku da aka taɓa a baya-bayan nan. Idan 4 ne, shafuka huɗu na baya-bayan nan. Ukun farko dole suna cikin huɗun. Saboda haka duk shafin da ƙaramar RAM ta samu a zaune, babbar ma za ta same shi, kuma babu yadda za a yi babbar ta fi yawan tuntuɓe. Mattson da abokan aikinsa na IBM ne suka fayyace wannan siffa a 1970, suka nuna cewa OPT ma yana da ita. FIFO ba shi da ita, domin jerin korarsa ya danganta da lokacin shiga, lokacin shiga kuma yana canjawa idan yawan gurabe ya canja.

Ga sakamakon tsarin uku a kan jerinmu:

```
        3    4
FIFO    9   10
LRU    10    8
OPT     7    6
```

LRU ya sauko daga 10 zuwa 8, OPT daga 7 zuwa 6. FIFO ne kaɗai ya hau.

Magana ta uku: "LRU kullum ya fi FIFO." Jita-jita.

Teburin da kansa ya ƙaryata ta. Da gurbi 3, FIFO ya yi 9, LRU ya yi 10. Su biyun tafiyarsu ɗaya har zuwa buƙata ta tara, kowanne da tuntuɓe bakwai, kowanne riƙe da 1, 2, 5. Da na 3 ya iso suka raba hanya. LRU ya duba ya ga an taɓa na 1 da na 2 yanzu-yanzu, sai ya kori na 5. FIFO ya kori na 1 saboda ya fi daɗewa a ciki. Sai ga shi ba a ƙara neman na 1 da na 2 ba, na 5 ne ya zo a ƙarshe. FIFO ya same shi a zaune, LRU kuwa sai da ya koma faifai.

LRU hasashe ne kawai: yana ɗauka cewa abin da aka taɓa yanzu za a sake taɓa shi ba da jimawa ba. Yawancin manhajoji haka suke, suna maimaita umarni ɗaya suna juya bayanan da ke kusa da juna, shi ya sa LRU ke rinjaye a aiki na yau da kullum. Amma yana da inda yake faɗuwa warwas. Manhajar da ke zagaya shafuka 5 bi da bi, daga na 1 zuwa na 5 ta sake dawowa, idan aka ba ta gurbi 4, LRU zai yi tuntuɓe a kowace buƙata, domin wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba shi ne daidai wanda ake shirin nema.

Magana ta huɗu: "Babu tsarin da zai doke OPT, amma ba a iya aiki da shi." Gaskiya.

A bi shi da gurbi 3. Bayan 1, 2, 3 sun shiga, na 4 ya iso. OPT ya leƙa gaba: na 1 za a neme shi a buƙata ta biyar, na 2 a ta shida, na 3 sai ta goma. Ya kori na 3. Aka samu na 1 da na 2 a zaune. Da na 5 ya zo, ya kori na 4 tunda sai buƙata ta goma sha ɗaya za a neme shi. Aka sake samun na 1 da na 2. Na 3 da na 4 suka shigo suka maye gurbin shafukan da aikinsu ya ƙare, aka bar na 5 yana jiran kiransa. Tuntuɓe 7, kuma biyar daga ciki ba makawa ne, tunda kowane shafi sai ya shiga karo na farko.

Bélády ne ya bayyana wannan tsari a 1966, kuma an tabbatar da lissafi cewa babu tsarin da zai yi ƙasa da shi a kan jeri ɗaya da gurabe ɗaya. Cikas ɗin shi ne yana buƙatar sanin gaibu: babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ba ta san shafin da za a nema gaba ba. Amfaninsa na ma'auni ne. Ana naɗar jerin buƙatun wata manhaja, a gwada sabon tsari a kai, sannan a duba tazararsa da OPT. Wannan kuma hanya ce ta kama kuskure a lissafin hannu: duk wanda ya samu FIFO ko LRU ƙasa da OPT, to ya ɓata a wani wuri, ya sake lissafi.

Magana ta biyar: "Ke nan ƙara RAM na iya rage wa kwamfutata sauri." Jita-jita, a zahirin aiki.

Lamarin Belady na gaske ne, amma sai jerin buƙatu da yawan gurabe sun yi wata irin haɗuwa kafin ya bayyana. Ko a jerinmu, gurbi 5 zai sauko da FIFO zuwa tuntuɓe 5, domin duk shafukan sun samu wuri. Sannan manyan manhajojin yau ba sa aiki da FIFO tsantsa. Ba sa aiki da LRU tsantsa ma, saboda rubuta lokacin kowace taɓawa zai cinye saurin da ake nema. Abin da aka fi yi shi ne kwaikwayon LRU da araha. Kowane shafi yana da 'yar alama da na'ura ke kunnawa idan an taɓa shi. Idan kora ta zo, ana zagaya shafukan kamar hannun agogo: mai alama a kunne a kashe masa ita a wuce shi, wanda aka tarar tasa a kashe shi ake kora.

Wannan dabara tana gyara babban aibin FIFO, wato korar tsohon shafin da ake ci gaba da amfani da shi. Sai dai ba ta da tabbacin da LRU ke da shi, domin idan duk alamomin suna kunne, hannun zai zagaya ya dawo kan mafi tsufa, ya koma FIFO. Duk da haka, mai sayen RAM ya sayi abinsa. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai rubuta manhajar da ke da nata wurin ajiyar wucin gadi, wanda ya zaɓi FIFO don sauƙinsa. Idan ya faɗaɗa wurin, ya gwada shi da jerin buƙatu na gaske a kan girma daban-daban, ya ƙirga tuntuɓe a kowanne, kafin ya ce ya samu sauƙi.