Idan Baƙo ya koma BaÆ™o: yadda ake gyara fayil ɗin CSV da ya buɗe a hargitse

Sakataren wata ƙungiyar manoma ya sauko da jerin sunayen membobi, ya danna fayil ɗin sau biyu, Excel ya buɗe. Sai ga sunan Baƙo ya zama `BaÆ™o`, garin Ɗambatta ya zama `ÆŠambatta`, alamar naira kuma ta koma `â‚¦`. A wannan lokacin yawanci babu abin da ya lalace. Fayil ɗin lafiya lau yake, karatun da aka yi masa ne ba daidai ba. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka adana shi a haka.

CSV rubutu ne zalla, kuma kwamfuta tana ajiye rubutu a matsayin lambobi. Tsarin UTF-8, wanda yawancin manhajoji ke rubutu da shi yau, yana ba wa harafin a ko b bayit ɗaya, amma haruffanmu masu ƙugiya bayit biyu-biyu suke ci. Na ƙ su ne `C6 99`. Matsalar ita ce CSV ba shi da wurin da zai faɗi tsarin da aka rubuta shi da shi. Don haka Excel, a kwamfutar da aka saita da Turanci ko Faransanci, yakan ɗauka tsohon tsarin Windows-1252 ne, inda kowane bayit harafi guda ne. A can `C6` shi ne Æ, `99` kuma ™. Shi ya sa harafi ɗaya ya rabu biyu, sauran sunan kuma bai taɓu ba.

Maganin shi ne a rufe fayil ɗin ba tare da adanawa ba. A buɗe Excel shi kaɗai, a shiga `Data`, a zaɓi `From Text/CSV`, a nuna fayil ɗin. A akwatin `File Origin` a zaɓi `65001: Unicode (UTF-8)`. Nan take sunayen za su miƙe a samfurin da ke ƙasa, tun kafin a danna `Load`.

Akwai alamar da ta fi wannan muni. Idan abin da ke cikin fayil ɗin `Ba?o` ne, da alamar tambaya, to ƙ ɗin ya tafi. Wani ya riga ya adana shi da `CSV (Comma delimited)`, kuma Windows-1252 ba shi da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, sai aka cike gurbinsu da alamar tambaya. Babu saitin da zai dawo da su, domin duk huɗun sun zama abu ɗaya. Sai dai a nemo asalin fayil ɗin. A ganina duk ofishin da ke rubuta sunayen Hausawa ya kamata ya riƙe `CSV UTF-8 (Comma delimited)` wajen adanawa. Wannan zaɓin yana sa bayit uku a farkon fayil, `EF BB BF`, waɗanda Excel ke gani ya gane tsarin da kansa.

Gocewar layukan tsaye kuwa daga waƙafi take. Da shi CSV ke raba gida da gida, alhali waƙafi yana cikin adireshi da kuɗi ma. Ga layi mai gida uku: suna, unguwa, kuɗi.

```
Baƙo,Ƙofar Mata, Kano,25,000
Baƙo,"Ƙofar Mata, Kano",25000
```

Na farko zai fashe gida biyar: Kano ta faɗa gidan kuɗi, 25 da 000 kuma su zarce gaba. Na biyu ne daidai, domin ƙa'idar RFC 4180 ta shekarar 2005 ta ce duk gidan da ke ɗauke da waƙafi a rufe shi da alamar zancen wani. Ana gane wannan ciwon da cewa wasu layuka ne kawai suka goce, sauran suna nan daram. Shi ne ya fi ba ni tsoro, don jeri mai layi dubu yana iya samun gocewa a layi goma, ba wanda ya lura, a biya mutum abin da ba nasa ba. A duba ko akwai rubutu a bayan layin tsaye na ƙarshe, inda ya kamata a ga fili.

Idan kuwa komai ya dunƙule a layin tsaye na farko, to saitin ƙasa ne. A Nijar, inda ake yawan saita kwamfuta da Faransanci, waƙafi ne ke raba lamba da guntunta, kamar 12,5, don haka Excel yana jiran `;` a matsayin marabi. Fayil ɗin da aka yi a Kano sai ya dunƙule a Maraɗi, na Maraɗi ma ya dunƙule a Kano. A buɗe shi da Notepad a kalli layin farko, za a ga abin da ke tsakanin kalmomin. Sannan a koma `From Text/CSV`, a akwatin `Delimiter` a zaɓi `Comma` ko `Semicolon` gwargwadon abin da aka gani.